Tankin Lita Dubu a Takarda

An kawo wa wani almajirin mai walda aikin tankin ruwa na lita 1,000. Ya auna farantin ƙarfe: tsawo 40, faɗi 40, zurfi 40. Ya ninka, ya samu 64,000, ya raba da dubu yadda aka koya masa, sai ga lita 64. Hankalinsa ya tashi.

Maigidansa ya karɓi tef ɗin, ya juya shi. “Yaro, wane gefe ka karanta?”

Ashe inci ya karanta, ya yi lissafin santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka kowane gefe santimita 101.6 ne, tankin kuwa zai ci kusan lita 1,049.

Tun ranar, ba ya rubuta lamba da alli a jikin ƙarfe sai da sunan ma'auninta a gefe.