Cizon Kare da Haɗarin Ciwon Hauka

Cizon kare rauni ne da haƙoran kare ke yi wa mutum. Babban haɗarinsa shi ne ciwon haukan kare, cutar da ƙwayar bairos ke haddasawa, wadda take cikin yawun dabbar da ta kamu. Kyanwa, dila da jemage ma suna yaɗa ta, amma a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta. An ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Yadda cutar ke tafiya a jiki

Ƙwayar cutar ba ta bin jini. Tana fara zama a naman wurin cizon, sannan ta bi jijiyoyin da ke kai saƙo har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska, wuya ko yatsu ya fi haɗari, saboda kusanci da ƙwaƙwalwa ko yawan jijiyoyi a wurin.

Alamomin farko sun haɗa da zazzaɓi da ƙaiƙayi ko zafi a wurin cizon, ko da ya warke. Daga baya sai firgita, dalalar yawu da tsoron ruwa, domin maƙogwaro yana shaƙewa idan mutum ya yi ƙoƙarin sha. Da zarar alamomi sun bayyana, kusan babu mai tsira.

Wanke rauni

Matakin farko shi ne a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Ruwan yana fitar da yawun, sabulun kuma yana lalata kitsen da ya lulluɓe ƙwayar cutar. Bayan haka a shafa aidin idan akwai. Ba a zuba barkono, toka, ƙasa ko gashin karen a kan raunin, domin ba sa kashe cutar, sai dai su ƙara datti. Likitoci sukan guji ɗinke raunin nan da nan, don kada a tura cutar can cikin nama.

Rabe-raben haɗuwa da dabba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi gida uku. Na farko shi ne taɓa dabba ko ta lashi fatar da ba ta da rauni, wanda wankewa kawai yake buƙata. Na biyu shi ne yakushi ko ƙujewa marar jini, wanda ke buƙatar allurar rigakafi. Na uku shi ne cizon da ya huda fata, yawu a ido, baki ko buɗaɗɗen rauni, ko haɗuwa da jemage. Wannan yana buƙatar rigakafi tare da allurar imunoglobulin.

Dalilin da ba a jinkirta rigakafi

Rigakafin tsere ne tsakanin garkuwar jiki da cutar. Jiki yana buƙatar mako guda ko fiye kafin ya samar da kariya, kuma allurar tana amfani ne kawai kafin alamomi su bayyana. Imunoglobulin, wadda ake yi a cikin raunin da kewayensa, ita ke tsare wurin a wannan tsakanin.

Misali, idan kare ya ciji yaro ɗan shekara takwas a yatsa ranar Litinin har jini ya fito, wannan rukuni na uku ne. Za a wanke raunin, a kai shi asibiti a ranar, a yi masa allurar farko a dantse, ba a ɗuwawu ba. A ɗaya daga cikin tsare-tsaren da ake bi, ranar Litinin ɗin ita ce rana ta 0, ta biyu ranar Alhamis (rana ta 3), ta uku Litinin mai zuwa (rana ta 7), ta huɗu kuma tsakanin rana ta 14 da ta 28. Idan ba a samu imunoglobulin ba a ranar farko, ana iya yin ta har zuwa rana ta 7. Za a kuma duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Idan karen yana hannu, ana tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran sakamakon kafin a fara allura. In ya kai ƙarshen kwanakin lafiya lau, likita na iya dakatar da sauran. Mai juna biyu da jariri duk ana yi musu, haka ma wanda ya makara da makonni, muddin alamomi ba su fara ba.

Tarihi

Masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya fara amfani da rigakafin a kan yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, a ranar 6 ga Yuli, 1885, kuma yaron ya rayu. Ana tunawa da yaƙi da cutar a duniya kowace ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu.