Jera Ayyukan Magabata Bisa Jigo: Darasi daga Kundin Digiri na Biyu a Madina

Ɗalibin da ya samu gurbin digiri na biyu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961 kuma 'yan ƙasar Hausa da yawa suka yi karatu a cikinta, ba ya fara rubuta kundinsa sai ya gabatar da tsarin bincike, wanda a can ake kira huɗɗa. Majalisar sashe za ta duba, ta amince ko ta mayar masa. A cikin huɗɗar akwai wani ɓangare mai suna addirasatus sabiƙa, wato ayyukan da suka gabata. Yawanci ɗalibi yakan bincika rumbunan kundaye, kamar na Cibiyar Sarki Faisal da Ɗakin Karatu na Sarki Fahad da ke Riyad, don ya tabbatar ba a riga shi ga maudu'in ba. Daga nan sai ya jero abin da ya samu: sunan marubuci, sunan aiki, jami'a, shekara, sannan layi biyu a kan bambancinsa da nasa binciken.

Wannan jeri yana da amfaninsa a matakin neman amincewa, domin tambayar majalisa ita ce ko an taɓa yin aikin. Matsalar tana zuwa ne idan ɗalibi ya kwashi jerin nan yadda yake ya zuba cikin kundi, ya ƙara wa kowane marubuci shafi guda. Mai karatu zai gama shafi ashirin ya san abin da wane ya ce da abin da wane ya ce, amma bai san inda magana ta kwana ba: me aka yi ittifaƙi a kai, ina aka saɓa, wane gefe ne ba a taɓa ba. Wannan kuwa shi ne aikin da aka ɗora wa babin ayyukan magabata.

Ɗalibin ilimin addini ya riga ya san maganin, ko da bai lura ba. Musnadin Imamu Ahmad an jera shi ne bisa sahabbai, hadisan Abu Huraira wuri guda, na Nana A'isha wuri guda. Wanda ke neman hukuncin alwala sai ya ratsa littafin gaba ɗaya. Muwaɗɗa kuwa, wadda Imamu Malik ya wallafa a Madina, bisa babobi take tafiya: tsarki, salla, zakka, azumi. Saboda wahalar nema a Musnad ne Shaihu Ahmad Albanna Assa'ati ya sake jera shi bisa babobin ilimi a cikin Alfathur Rabbani. Imamul Buhari ma yakan kawo hadisi ɗaya a babi da yawa, wani lokaci ya yanko gaɓar da ta shafi babin kawai. Haka bitar ayyukan magabata ya kamata ta kasance: tambaya ce ke riƙe da babi, marubuta kuma su shigo a matsayin shaidu, ko da mutum ɗaya zai bayyana sau uku.

Mu ɗauki misali. A ce wani ɗalibi daga Birnin Kebbi yana Kwalejin Alƙur'ani, ya zaɓi yin nazari a kan yadda Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, yake fitar da hukunce-hukuncen fiƙihu a tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu. Abin da zai tara yana da yawa. Akwai littafin Murray Last, The Sokoto Caliphate, na 1967. Akwai Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗin, wanda Mervyn Hiskett ya tace ya fassara aka buga a Ibadan a 1963. Akwai littafin Dakta Aliyu Abubakar a kan al'adar Larabci a Nijeriya, da na Farfesa Shehu Galadanci a kan harshen Larabci da adabinsa a ƙasar, da rubuce-rubucen Shaihu Adamu Al'ilori. Akwai mujalladi na biyu na Arabic Literature of Africa da John Hunwick ya tattara a 1995, inda aka lissafa littattafan Abdullahi da wuraren da kwafensu na hannu suke. Sannan ga kundayen ɗalibai daga Sakkwato da Kano da Zariya da ƙasashen Larabawa. A ce duka sun kai talatin.

Idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai ba da tarihin haihuwar Abdullahi da malamansa sau goma, domin kusan kowa da shi yake farawa. Littafin Last, wanda bai shafi tafsiri ba sai ta nesa, zai ci shafi daidai da kundin da ya zauna a kan ayoyin hukunci, alhali wannan kundin ne maƙwabcinsa na kusa.

Matakin farko na gyara shi ne jadawali, kuma tun lokacin karatu ake cika shi, ba bayan an gama ba. A gefen takarda a jero ayyukan talatin daga sama zuwa ƙasa. A saman takarda kuma a rubuta tambayoyin da binciken ke son amsawa. Ga ɗalibinmu za su iya zama huɗu: wane hali aka rubuta tafsirin a cikinsa, daga waɗanne littattafai Abdullahi ya ɗebo, yaya yake amfani da nahawu da ƙira'a wajen fito da ma'ana, sannan yaya yake yi da saɓanin mazhabobi. A kowane gida na jadawalin sai ya rubuta jimla ɗaya ta abin da marubucin ya tsaya a kai, da lambar shafi. Lambar shafin nan kada a yi wasa da ita, domin wata shida nan gaba ba wanda zai tuna inda ya ga magana. Gidan da marubuci bai ce komai ba a bar shi fayau.

Idan jadawali ya cika, sai a daina karanta shi a kwance, a koma karanta shi a tsaye. Layin kwance shi ne marubuci, layin tsaye shi ne jigo, kuma kowane layin tsaye zai zama sashe guda na babin. A nan ne ɗalibi zai ga abin da jeri ya ɓoye masa. Layin tarihi zai cika maƙil, kusan kowa ya yi magana a kan fitowar Abdullahi da niyyar tafiya gabas bayan ya ga abin da bai gamsu da shi ba a cikin jama'ar jihadi, da tsayawarsa a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. Wannan sashe shafi ɗaya ko biyu ya ishe shi, a haɗa masu magana iri ɗaya a jimla guda. Layin harshe ma zai samu mutane, tunda Abdullahi shi ne mai Albaharul Muhiɗi a nahawu da Alhisnur Rasinu a sarfu. Idan kuma layi na huɗu ya fito da gidaje uku kacal a cike, to ga giɓin nan a fili, kuma ɗalibi yana da hujjar da zai nuna wa mushrifinsa, ba da'awa kawai ba.

Yadda ake gina kowane sashe kuwa, ban san abin koyi da ya fi Bidayatul Mujtahid ta Ibnu Rushdi ba. A kowace mas'ala yakan fara da inda malamai suka haɗu, ya kawo inda suka rabu, sannan ya faɗi sababin saɓanin. Wannan gaɓa ta uku ita ce ɗalibai suka fi tsallakewa, ita ce kuma ke nuna an fahimci abin da aka karanta. A jigon madogara, misali, ɗalibinmu zai fara da cewa an san Abdullahi ya amfana da tafsiran Bailawi da Jalalaini da Hazin da Sa'alibi, da Ahkamul Ƙur'an na Ibnul Arabi. Sai ya zo kan tambayar da ta fi nauyi: tattarawa kawai yake yi, ko yana zaɓe yana rinjayarwa? A ce ya tarar kundi biyu sun karkata ga na farko, uku ga na biyu. Bai isa ya ƙirga su ya wuce ba. Ya duba me kowanne ya karanta. Wataƙila masu cewa tattarawa ce sun tsaya a kan ayoyin ƙissa, inda naƙali ya fi yawa, masu cewa akwai rinjayarwa kuma sun duba ayoyin gado da saki a Baƙara da Nisa'i. Idan haka ne, saɓanin ya taso ne daga samfurin da kowa ya ɗauka, kuma wannan bayani shi ne zai gaya wa ɗalibin surorin da ya kamata ya zaɓa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko babi ya koma bisa jigo da gaske. A bi farkon kowane sakin layi. Idan duk da sunan mutum suke farawa, wane ya ce, wane kuma ya ce, to jerin nan ne dai aka sa wa kanun labarai. Sakin layin da aka gina bisa jigo da magana yake farawa, sunaye su biyo baya su tallafe ta ko su ƙalubalance ta. Wata alamar ita ce rabon da ba jigo ba ne: littattafan Larabci gefe, na Turanci gefe, ko kundaye daban, maƙalu daban. Wannan rabo yana raba Galadanci da Hiskett alhali a kan waƙoƙin mutum ɗaya suke magana, sai a rasa wurin da za a gwada ra'ayinsu. Haka nan idan jigogi suka kai goma, yawanci ƙanana ne da ya kamata a haɗe, kuma uku zuwa biyar sun wadatar a kundin digiri na biyu.

Tsarin yana da haɗarinsa. Tunda ana yanka aikin mutum ana rarraba shi, ana iya jingina masa abin da bai nufa ba, a ɗauko jimlar da ya kawo don ya rushe ta a mayar da ita ra'ayinsa. Wannan cin amanar ilimi ne, kuma ranar munaƙasha malamin da ya san littafin zai kama shi nan take. Don haka duk maganar da za a jingina wa marubuci, a koma shafin a karanta abin da ke gabanta da bayanta.

Akwai kuma inda bi ɗaya bayan ɗaya ya fi dacewa. Idan aikin tahƙiƙin rubutun hannu ne da aka raba wa ɗalibai, kowa da juzu'insa, dole a ambaci kowanne da iyakar inda ya tsaya. Haka idan akwai kundi biyu ko uku da takensu ya yi kusa da naka ƙwarai, majalisa za ta so ta ga an tsaya a kan kowanne an faɗi bambancin dalla-dalla. Idan kuma sashen yana da fom da ya wajabta jeri, ba sai an yi jayayya da mushrifi ba. Ɗalibinmu zai iya kasa ayyukan talatin ƙarƙashin tambayoyinsa huɗu, ya buɗe kowane kaso da sakin layin da ya faɗi inda aka haɗu da inda aka rabu, ya kawo bayanan kowane aiki yadda fom ya nema, sannan ya ware kundaye ukun da suka taɓa ayoyin hukunci ya yi musu bayani a ƙarshe, ya nuna surorin da suka duba da waɗanda shi zai ɗauka.