Me lambar Ct ke nufi a gwajin PCR?

A 2020, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Tarauni ya yi gwajin korona da na'urar PCR. Na'urar kan kwafi wani yanki na ƙwayar halittar cutar daga majinar da aka lakato, tana ninka shi biyu a kowane zagaye, har kusan zagaye 40. Yayin da kwafi ke ƙaruwa, sinadarin da aka zuba yana ƙara haske. Zagayen da hasken ya tsallake iyakar da aka sa shi ne Ct.

Ƙaramar lamba na nufin ƙwayoyin suna da yawa: samfur mai Ct 20 ya ninka mai 30 kusan sau dubu. Sai dai lambar ba ta bambance ƙwaya mai rai da matacciya, ba ta kuma auna tsananin ciwo. Idan ba a lakato majinar sosai ba, Ct kan haura ko da cutar ta yi yawa.