Dalilin da ya sa na'ura ke hana wasu matafiya tikitin jirgin ƙasa a Birtaniya

A Birtaniya, wanda ya sayi tikitin jirgin ƙasa ta intanet ya kuma zaɓi karɓar na takarda a tasha yana buƙatar abu biyu: lambar karɓa mai haruffa da alƙaluma 8, da katin bankin da aka biya kuɗin da shi.

Idan ya isa tasha, zai zaɓi karɓar tikiti a allon na'urar, ya zura katin, sannan ya shigar da lambar. Ba a sake cirar masa ko kwabo, domin aikin katin shi ne tabbatar da mai tikitin.

A nan ne baƙi kan shiga matsala. Misali, ɗalibin da yayansa ya biya masa kuɗin tafiya daga Landan zuwa Manchester da katinsa yana riƙe da lambar, amma katin na aljihun yayan. Na'urar na iya ƙin ba shi tikitin, sai ya koma wurin ma'aikacin da ke kanta, wanda shi ma ba dole ne ya amince ba. Haka abin yake ga mai katin da a waya kawai yake, tunda babu abin zurawa. Mafita ita ce a zaɓi tikitin waya tun lokacin saye.

Kuma na'urar kan fitar da takardu ɗaya bayan ɗaya, har da rasit. Mai gaggawa kan tafi ya bar tikitin dawowarsa a ciki.