Ka sanya wa bidiyonka lokaci, amma bai fito ba?

Mai ɗora bidiyo a YouTube yakan zaɓi ƙarfe 8 na dare, ya ɗauka aiki ya ƙare. Sai dai bidiyon ba zai fito ba sai ya gama hawa daga wayar tukuna. Bidiyo mai nauyin megabait 600, idan intanet na tura megabit ɗaya a daƙiƙa, zai ci minti 80, in ma bai yanke ba. Saboda haka a rage masa nauyi, a tura shi da asuba lokacin da layi ba cunkoso. A kashe tsarin tsimin batir, domin yakan dakatar da manhajar da zarar fuskar waya ta mutu. Sannan a buɗe YouTube Studio a tabbatar an rubuta Scheduled.