Fostar Gargaɗin Ambaliya: Kada Hoton Asibiti Ya Danne Na Kwalekwale

Duk ɗalibin da ya girma a Haɗeja, Auyo, Guri ko Kiri Kasamma ya san yadda watan Agusta da Satumba suke. Kogin Haɗeja kan cika ya tumbatsa, kuma ambaliyar 2022 ta kori dubban mutane daga gidajensu a Jigawa. To, a ce ƙungiyar kula da muhalli ta makarantarku za ta haɗa fosta mai taswirar unguwa, da alamomi shida: tudun da za a gudu, makarantar da za a fake, asibiti, famfon ruwan sha, jinga, da mashigar kwalekwale.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe waya a tsinto hoto ɗaya nan, ɗaya can. Sai a samu asibiti mai kala biyar da inuwa kamar na fim ɗin katun, famfo hoton kyamara, kwalekwale kuwa siririn layi kamar zare. Matsalar ba ta tsaya ga rashin kyau ba. Ido yana ɗaukar kowane bambanci a matsayin saƙo. Tsohuwar da ba ta karatun boko za ta ga asibiti ya fi komai girma da haske, ta ɗauka can ake cewa a nufa, alhali idan ruwa ya yanke hanya kwalekwalen ne maganar. Da an kai fostar shagon fotokwafi kuma, siririn layin nan ya ɓace, hoton famfon ya zama baƙin dunƙule.

Maganin shi ne alamomin su zama ’yan gida ɗaya. Kafin ku ɗauko ko guda, ku yanke shawara: cikakkun baƙaƙe kuke so, ko masu layin gefe kawai? Ga fostar da za a manna a bangon masallaci ko kasuwa, cikakkun sun fi, domin suna jure wa injin kwafi mai ƙarancin tawada, ana kuma hango su daga nesa. Bayan haka duk a kalle su ta fuska ɗaya, misali daga gefe. Kada makaranta ta zama ana hango ta daga sama, famfo kuma daga gefe. Ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da tarin alamomin agaji na kyauta da aka zana a salo ɗaya, har da ta ambaliya. Ku ɗebi duk abin da kuke buƙata daga tari ɗaya irin wannan.

Inda ake cin karo da wuya shi ne lokacin da tarin ba shi da abin da kuke nema. Jingar buhunan yashi irin tamu, ko kwalekwalen katako da ake turawa da gora, ba lalle su kasance a ciki ba. A nan ne mutum kan ce bari in aro guda ɗaya daga wani wuri, kuma guda ɗayan nan ce take ɓata sauran. Gara ku zana da kanku. Ku samu takardar giraf ta darasin lissafi, ku kewaye murabba’i mai gida 24 a tsaye da 24 a kwance, ku bar gida 2 fanko a kowane gefe. Kwalekwalen ya cika faɗin gida 20 da suka rage, gorar ta yi kaurin gida 2, daidai da kaurin hannun famfon. Idan kusurwoyin sauran alamomin a lanƙwashe suke, bakin kwalekwalen ma kada ya yi tsini kamar mashi. Dabarar ba sabuwa ba ce: Otl Aicher ya zana alamomin wasannin Olamfik na Munich a 1972 a kan irin wannan raga, yana bin layin tsaye, na kwance, da na kusurwar digiri 45.

Amma kamannin suna da iyaka. Idan makaranta da asibiti duk suka zama ɗaki mai rufin kwano, an yi salo ɗaya amma an rikita mai kallo. Salon ne zai zama ɗaya, siffar kowacce ta fita daban: buɗaɗɗen littafi ga makaranta, ɗaki mai jinjirin wata ga asibiti. Kala kuma a yi tsimin ta. Duk alamomin baƙi, ja ga abu ɗaya tak, wato wuraren da ruwa ke fara ci. Ku haɗa jan da layukan karkace, saboda a fotokwafi ja toka-toka yake fita.

Kafin bugawa, ku kwafi fostar baƙi da fari, ku manna a allo, ku ja baya taku goma. Alamar da ta fara tsone muku ido, ko wadda ta dushe, ita ce ta saɓa wa ’yan’uwanta. Sannan ku rufe rubutun da takarda, ku kira ɗan aji ɗaya ku tambaye shi ina zai je idan yana neman kwalekwale. Idan ya yi jinkiri, a koma kan takardar giraf.