Wa Ke Biyan Haraji a Zahiri: Mai Riƙe da Rasit Ko Mai Ɗauke da Nauyi?

A duk lokacin da gwamnati ta taɓa dokar haraji, muhawararmu takan tsaya ne a kan tambaya ɗaya: an ƙara ko an rage? Haka aka yi a farkon shekarar 2020 da aka ɗaga harajin sayen kayayyaki, wanda ake rubutawa VAT a jikin rasit, daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Haka kuma aka sake yi bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025. Sai dai akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi. Ta farko, wane kaso na samun mutum harajin ke cinyewa? Ta biyu, shin wanda ya miƙa kuɗin ga hukuma shi ne wanda aljihunsa ya ragu?

Domin amsa ta farko, bari mu ɗauki mutum biyu a matsayin misali. Malamin firamare ne da samunsa na shekara, bayan an cire abin da doka ta yafe, ya kama naira miliyan 1.2, sai kuma wani babban ma'aikacin kamfani mai naira miliyan 12. Na biyun ya ninka na farkon sau goma.

Idan aka ce kowa ya biya kashi 10 cikin ɗari, malamin zai ba da naira 120,000, ma'aikacin kamfanin kuma naira miliyan 1.2. Adadin kuɗin ya bambanta, amma kason ɗaya ne. Wannan shi ne haraji mai daidaiton kaso. Yana da sauƙin lissafi, kuma da ganinsa mutum zai ce ai adalci ya ƙare a nan. Abin da masu sukarsa ke cewa shi ne, naira 120,000 ɗin malamin daga cikin kuɗin masara da kuɗin makarantar yara ta fito, alhali ta ɗayan daga cikin abin da zai ajiye ta fito.

Wannan suka ita ce ta haifar da haraji mai hawa, wato wanda kasonsa ke ƙaruwa yayin da samu ke ƙaruwa. Harajin samun mutane a Najeriya irin wannan ne. A tsarin dokar 2025, naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 da ke bayanta kashi 18, har a kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Saboda haka malaminmu zai biya kashi 15 ne a kan naira 400,000 kawai, wato naira 60,000, wanda ya zama kashi 5 na dukkan samunsa. Ma'aikacin kamfanin kuwa zai biya naira 330,000 a mataki na biyu da naira miliyan 1.62 a mataki na uku. Jimilla naira miliyan 1.95 ke nan, kimanin kashi 16 na samunsa.

A nan akwai kuskuren da na sha ji daga bakin ɗalibai, har da wasu ma'aikata. Sukan ɗauka cewa idan ƙarin albashi ya tura mutum zuwa mataki na gaba, to dukkan albashinsa ne za a yi wa sabon kaso, har ƙarin ya zame masa asara. Ba haka lamarin yake ba. Sabon kason yana faɗawa ne a kan abin da ya haura iyakar kaɗai. Wanda ya wuce miliyan 3 da naira dubu ɗari, wannan dubu ɗarin ce kawai za a ɗauki kashi 18 daga cikinta.

Nau'i na uku shi ne haraji mai sauka, wanda kasonsa ke raguwa yayin da samu ke ƙaruwa. Babu majalisar da za ta rubuta a doka cewa talaka ya biya kaso mafi girma, amma hakan na faruwa ta ƙofar baya. Hanya mafi bayyana ita ce kuɗin da ake yanka wa kowa daidai wa daida. Idan aka ce kowane magidanci ya kawo naira 12,000 a shekara, malamin ya ba da kashi 1 cikin ɗari na samunsa, ma'aikacin kamfanin kuma kashi 1 cikin dubu. Iyayenmu sun san ɗacin irin wannan. Harajin da ake yanka wa magidanta tun zamanin Turawa, tare da jangali, suna cikin abubuwan da 'yan NEPU suka daɗe suna yaƙa, kuma gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan sun hau mulki a 1979.

Harajin sayen kayayyaki ya fi wannan ɓoye fuskarsa, domin kashi 7.5 ɗin ɗaya ne ga kowa a bakin kanti. Bambancin yana cikin yadda ake kashe kuɗi. Mai ƙaramin samu yakan kashe kusan duk abin da ya shigo hannunsa, mai babban samu kuwa yana da rarar da zai ajiye ko ya juya. A ce malamin ya kashe naira 600,000 a kan kayan da harajin ya shafa, zai biya naira 45,000, wato kusan kashi 4 na samunsa. A ce ɗayan ya kashe miliyan 3, zai biya naira 225,000, wanda bai kai kashi 2 na nasa samun ba. Mai kuɗi ya fi biyan naira, talaka ya fi jin jiki. Wannan ne dalilin da ya sa doka ta ɗauke harajin daga kan kayan abinci na yau da kullum da magunguna da littattafan karatu. Ɗaukewar tana rage zafin, amma ba ta kawar da shi gaba ɗaya.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. Doka tana iya faɗin wanda zai kai kuɗi ofishin haraji, amma ba ta da ikon faɗin wanda zai yi asarar. Kasuwa ce ke yanke wannan, ta hanyar farashi.

Mu ƙaddara cewa an ɗora harajin naira 1,000 a kan kowane kwandon tumatir da za a loda daga Kadawa zuwa kasuwannin Legas, kuma ɗan kasuwar da ya yi lodin ne zai biya. Kafin harajin yana sayen kwando naira 10,000 a bakin gona, ya sayar naira 20,000 a can, tazarar kuma ita ce kuɗin mota da lodi da abin da ya ruɓe a hanya da 'yar ribarsa. Idan gasa ta yi yawa a tsakanin masu wannan sana'a, ribar ba ta da kaurin da za ta shanye naira 1,000. Dole ya nemi wanda zai ɗora wa. Zai fara gwada mai saye, to amma uwargida a Legas tana da mafita: idan ɗanye ya yi tsada sai ta koma na gwangwani ko busasshe. A ce abin da kasuwar ta iya ɗauka ƙarin naira 200 ne kacal. Sauran fa? Sai ɗan kasuwa ya dawo bakin gona ya yi tayin naira 9,200. Manomi ya riga ya tsinke, rana tana dukan kayan, ba shi da wurin ajiya. Zai yi gunaguni, amma a ƙarshe zai sallama. Rasit yana hannun ɗan kasuwa, amma naira 800 daga aljihun manomi ta fita, 200 daga na mai saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in ji masu iya magana, sai dai a nan manomin bai ma san sunan abin da ya buge shi ba. Shi dai ya ga kasuwa ta faɗi.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce, nauyin haraji yana gangarawa ne zuwa ga wanda ba shi da wurin gudu. Idan mai saye ne ba zai iya haƙura da kaya ba, kamar mashayin taba sigari, to harajin kan tafi gaba ya shiga farashi. Idan mai samarwa ne ba zai iya riƙe kayansa ko sauya sana'a ba, sai ya dawo baya ya sauka a kansa. Kuma rabon yana sauyawa da lokaci. Manomin da ya ji jiki bana yana iya shuka albasa ko alkama baɗi. Tumatir ya ragu a kasuwa, farashi ya tashi, sai wani ɓangare na nauyin ya koma kan uwargidan Legas.

Hatta harajin da aka tsara domin masu kuɗi yana iya kauce wa inda aka auna shi. A 1990 majalisar Amurka ta ɗora harajin kashi 10 a kan abin da ya haura dala 100,000 na farashin jiragen ruwan shaƙatawa, da wasu kayan alatu. Attajiri yana da zaɓi: ya fasa saye, ko ya sayi tsohon jirgi, ko ya kashe kuɗinsa a wani abin. Ma'aikacin da ke ƙera jirgin kuwa ba shi da irin wannan zaɓi. Masana'antar ta koka da raguwar ciniki da sallamar ma'aikata, duk da cewa koma bayan tattalin arziki na lokacin shi ma ya taka rawa, kuma a 1993 aka soke harajin jiragen.

Ta yaya za a gane inda nauyi ya sauka? A kwatanta farashi biyu kafin haraji da bayansa: abin da mai saye ke biya, da abin da ke isa hannun mai samarwa. Wanda nasa ya fi motsawa, shi ya fi ɗauka. Sai dai a yi hattara, domin tsadar man fetur ko faɗuwar darajar naira suna iya motsa farashi a lokaci guda, a ɗora wa haraji laifin da ba nasa ba.

Kirana ga 'yan majalisun jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne, kafin a amince da kowane sabon kuɗin shiga, musamman irin na tikitin kasuwa da na shingen hanya, a bukaci hukumar tattara haraji ta faɗi a rubuce wanda take sa ran nauyin zai ƙare a kansa. Tikitin naira 200 a kullum ga mai tallar da ribarta ta yini naira 2,000 ce ya zama kashi 10, alhali ga mai shagon da ke cin ribar naira 40,000 rabin kashi ɗaya ne. Ba ƙaramin abin takaici ba ne a ce dokar tarayya ta yafe wa mai samun naira 800,000 harajin shekara, sannan a karɓe fiye da abin da aka yafe ɗin a bakin ƙofar kasuwa.